Wasan Carafke Idan Ruwa Ya Hana Fita

"Muna ɗaki ɗaya a Agege, yara huɗu, ruwa kuma ya ƙi ɗaukewa tun azahar. Wane wasa zan ba su?"

Ki ba su carafke, amma ki fara gajiyar da su tukuna. Ture tabarma gefe, su yi 'yar gala-gala na minti 10, ki zana gidajen da alli a kan siminti. Sai su zauna da duwatsu biyar. A wurga ɗaya sama, a ɗauki ɗaya a ƙasa, a cafe na saman kafin ya faɗi, sannan bibbiyu, har a kwashe huɗun gaba ɗaya. Wanda ya saki, na gaba ya karɓa.

Yaron da bai huce ba jifa zai yi da dutsen, shi ya sa tsalle ke zuwa farko. Sai dai Hajiya, in tayil ne kuma danshi ya kama shi, a bar tsallen, santsi gare shi. In akwai mai rarrafe, a yi da ƙullin safa, kada ya haɗiye dutse.