Kafin ka sayi sabon ekaran, duba yadda wasan ya zauna a tsohon

*Malam, ina da ɗan ɗakin wasanni a unguwar Zariya. Yara na kukan cewa manet ta yi nauyi, sai sun danna ɗan wasa ya tsaya kafin ya buga ƙwallo. Kwamfutar ta hannu ce mai Windows 10, na jona ta da talabijin, FPS na tsayawa wajen 30. Wani mai shago ya ce in kawo jaka tamanin ya ba ni ekaran 144 Hz. Kuɗin adashe ne, ina tsoro.*

Ƙanena, tsoron nan naka yana kan hanya. Riƙe kuɗinka tukuna, mu fara da abin da ba ya cin ko dala.

Shiga saitin hoto na wasan. Za ka ga zaɓi uku: Fullscreen, Borderless da Windowed. In da Faransanci injin yake, kamar yawancin namu na nan Maradi, za ka ga Plein écran, Fenêtré sans bordure da Fenêtré. Na farko da na biyu duk suna cika ekaran, ido ba ya rarrabe su, shi ya sa mutane ke ɗauka abu guda ne. Bambancin yana ga hanyar da hoton ke bi. A Fullscreen wasan ne ke riƙe da ekaran, hoto na fita daga katin hoto ya tafi kai tsaye. A sauran biyun wasan taga ce kamar kowace taga, kuma a tsofaffin wasanni hoton sai ya biya ta hannun wani ɓangaren Windows mai suna Desktop Window Manager, wanda ke harhaɗa dukan tagogi ya jira lokacin da ekaran zai sabunta kafin ya saki. Tun Windows 8 ba a iya kashe shi. Ekaran 60 Hz na sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto na ɗaukar milisakan 16.7, kuma wannan biyawar na ƙara jinkirin kamar hoto guda. Ƙarami ne, amma yaron da ya saba da bugun fanareti yana jin sa a yatsa.

To mai da shi Fullscreen, ka dubi FPS, wato yawan hotunan da wasan ke fitarwa a daƙiƙa. Kada ka yi mamaki in lambar ta ɗan motsa kaɗan ko ma ba ta motsa ba. Sauya yanayin kaɗai ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Ribar tana mataki na gaba. Borderless yakan bi girman hoton da Windows ke kai, in 1920x1080 ne, wasan ma haka. Fullscreen kuwa yana barin ka ka sauko da wasan kaɗai zuwa 1280x720. Lissafa ka gani: 1920 sau 1080 ɗigo 2,073,600 ne, 1280 sau 720 kuwa 921,600. Ka sauke wa katin hoto fiye da rabin kayan da ya ɗauko. In shi ne ya gaji, kuma a kwamfutar hannu marar katin hoto na daban yawanci shi ne, FPS zai ɗaga sosai. A 30, kowane hoto milisakan 33 ne. Ka kai 60, ka rage rabi, kuma wannan ƙari ne a kan abin da sauya yanayi ya ba ka. In ka sauko 720 lambar ta ƙi motsi, matsalar ba ta katin hoto ba ce, wataƙila ƙwaƙwalwar injin ce ta gaza ko zafi ya sa ta ja baya. Taɓa ƙasan kwamfutar da rana tsaka a watan Afrilu za ka gane. Kuma ka yi gwajin da kuran, caja a jone, don kan batir injin da kansa yake rage gudu.

Saura biyu. Kashe V-Sync, saitin da ke sa wasan ya jira sabuntawar ekaran, ka gwada: manet za ta yi sauƙi, amma a Fullscreen kana iya ganin hoton na tsagewa a kwance idan kyamara ta juya da sauri. Wannan tsagewar ba lalacewa ba ce, alama ce ma cewa hoton na tafiya kai tsaye. In ta dame yaran, mayar. Sannan talabijin ɗin: nemi Game Mode ko Mode Jeu a saitinta ka kunna. Talabijin na tsayawa gyara hoto kafin ta nuna shi, kuma sau da yawa jinkirinta ya fi na Windows nesa ba kusa ba.

Yanzu batun jaka tamanin, don shi ya fi ci mini rai. Ekaran 144 Hz yana iya nuna hotuna 144 a daƙiƙa, ba ya ƙirƙirar su. Injin da ke fitar da 30 zai ci gaba da fitar da 30, ko wane ekaran ka jona masa. Ka sayi babbar randa rijiyar kuwa ba ruwa. Kullum haka nake gani: abu ya ɗan yi ciwo, ba a buɗe saiti ba, an nufi kasuwa. Na taɓa zuwa gidan wani ɗan'uwa da ya sayi irin wannan ekaran, wata huɗu yana yabon santsinsa. Na buɗe Advanced display settings, sai ga 60 Hz zaune, shi kuwa yana wasa a Borderless, wanda ke bin saurin da Windows ke kai. Nasa ma na gaskiya ne, danna ɗaya ya gyara. Akwai wanda kwalinsa ya ce 144, ka jona, jerin ya tsaya a 60 ko 75. Wani lokaci laifin waya ne ko tsohuwar kafar HDMI ta kwamfutar, wani lokaci kwalin ne ya yi ƙarya. Duk ranar da za ka saya, ɗauki kwamfutarka zuwa shagon, a jona a gabanka, ka ga 144 a jerin da idonka, ka zaɓe shi ya zauna. Mai shagon da ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, yi masa sai an jima.

*Idan na danna Alt+Tab ina cikin wasa, ekaran na yin baƙi daƙiƙa biyu ko uku. Kwamfutar yayata ce, kada in lalata mata. Ɗaliba daga Ali Ɗan Sofo.*

Kwantar da hankalinki ƴata, ba abin da ya lalace. Wasan ne ke miƙa wa Windows ekaran, kuma in girman hotonsu ya bambanta sai an sake daidaitawa. In kina yawan fita duba saƙo, koma Borderless, baƙin zai tafi. In Windows 11 ce daga sigar 22H2 ta 2022 zuwa sama, shiga Settings, System, Display, Graphics, ki kunna Optimizations for windowed games. Yana sa wasannin DirectX 10 da 11 su bi sabuwar hanyar da ke barin hoto ya wuce kai tsaye muddin ba wata taga a kansa, jinkirin ya zo daf da na Fullscreen. Wasannin DirectX 12 dama wannan hanyar suke bi.

*An ce in saka Disable fullscreen optimizations a kowane wasa, FPS zai ninka.*

Wa ya ce? Ba zai ninka ba. Akwatin yana Properties, Compatibility na fayil ɗin wasan, kuma an aje shi ne don tsohon wasan da ke sarƙewa ko ƙyaftawa. Naka na sarƙewa? Saka masa shi kaɗai, ka dubi FPS a wuri guda kafin da bayan. In lafiya yake tafiya, bar shi yadda ka same shi.