Zare a hagu ko a dama: yadda muke saƙa a Ngaundare

Yaya Hajiya, kin ga hotona ina saƙa zare na hannun hagu kika ce ko bahaguwa na koma tunda na zauna Kamaru. Wallahi ba haka bane, hannun dama ne dai ke aikin, riƙon zaren ne ya bambanta. Nan Ngaundare gari ne a kan tudu, sanyinmu ba irin na Garwa ko Marwa bane, don haka suwaita da hular jarirai ba sa yankewa a hannunmu, kuma riƙo biyu ne a unguwa.

Na farko shine naku, zare a dama, ki soka tsinke a ido, ki ɗaga hannu ki naɗo zaren ki jawo. Shi ake cewa na Ingilishi, Faransawa ma haka suke yi, shi yasa waɗanda suka koya a makaranta ko daga littafin faransanci duk shi suka iya. Na biyu zaren na kan ɗan alin hagu, tsinken dama ne yake shiga ya tsinko shi kamar dai kwarashi, ana ce masa kontinental ko na Jamus. Ni wata tsohuwa ce ta koya min, ita kuma ta ce wajen wata baturiyar Norwe ta ɗauka tana yarinya, dama 'yan mishan ɗinsu sun daɗe a garin nan. Duk wadda ta iya kwarashi kwana biyu ya ishe ta, tunda hagunta ya riga ya saba da zare.

Abin da nake so ki kula dashi kafin ki canja shine tsaurin saƙa, don nan ne mutane ke asarar ulu. Bari in baki abin da ya faru dani. Suwaitar yaro, ƙirji santimita 60, wato gaba 30 baya 30, ulu matsakaici, tsinke milimita 4. Da riƙon dama ina samun ido 22 a santimita 10, sai na ɗora ido 66 kamar kullum amma na saƙa da hagu. Ashe hannuna ya saki, ido 20 nake samu, 66 ɗin ya bada santimita 33, gaba da baya an samu ƙarin 6, riga ta zama ta yayansa. Tun daga nan sai na fara saƙa ɗan gwaji, faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, in wanke in shanya in ɗora tef a tsakiya in ƙirga. In ya saki ki sauka tsinke 3.5, ko ki ɗora ido 60 kawai. Kuma don Allah kar ki canja riƙo a tsakiyar riga, layi zai fito ɓaro-ɓaro daidai inda kika canja.

Akwai wata matsalar da tafi damun masu hagu, saƙar baya, wadda nan ake cewa anber. Zaren yana yin doguwar hanya kafin ya zagaye tsinke sai idon ya fi na gaba girma. Ki juya saƙar ki duba bayanta, in kin ga layuka sun haɗu bibbiyu da ɗan rami tsakani to shine. Maganinsa ki riƙe tsinke biyu mabambanta, 4 na layin gaba, 3.5 na layin baya.

Sauri kuwa gaskiya hagu yafi a bakin hannu da wuyan riga, inda ake gaba ɗaya baya ɗaya, don yatsa ne kawai ke juya zaren, ke kuwa sai kin kai hannu gaba kin kai baya a kowane ido. Amma matan Shetland can Sikotland a hannun dama suke riƙe zaren kuma sun yi suna wajen sauri, suna kafe tsinken a wani ɗamara na fata a ƙugu, hannu baya sakinsa, yatsa ne ke wurga zaren. Irin haka maƙwabciyata ke yi, tana matse tsinke a hammata, ban taɓa rigata gama hula ba.

Sai ciwon wuyan hannun da kika ce yana damunki. In kina sakin tsinke a kowane ido, hula ɗaya ido dubbai ne, wuyan hannun dama da kafaɗa su ke ɗaukar nauyin, komawa hagu zai iya rage miki. Sai dai shima yana da nasa, ɗan alin da ake miƙewa sama yana ƙagewa, gindin babban yatsa yana zafi in kina damƙe tsinken, ni sai da na koyi kwantar da yatsan kusa da bakin tsinke sannan na samu sauƙi. Yanzu hula da riƙon dama nake yi, suwaita da hagu, duk bayan rabin awa in ajiye in miƙe yatsu. Amma Yaya in babban yatsa da ɗan ali da na tsakiya suna miki mutuwa da dare har ki farka kina yarfe hannu, wannan jijiya ce ta matsu a wuyan hannu, ki ajiye saƙar ki je ki ga likita tukunna, riƙon hagu ya jira sai kin zo hutu in nuna miki.