Takardun ofishinmu kowa da irin tasa: ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin rarraba kaya, mu shida ne a ofis. Kowa yana buga wasiƙa da takardar farashi yadda ya ga dama, har wani abokin ciniki ya tambaye ni ko takardu biyun da muka aika masa daga kamfani ɗaya suka fito. Na yi magana har na gaji. Yaya zan tsara ƙa'ida ɗaya da kowa zai bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Faɗa da baki ba zai gyara ba, haka ma doguwar takardar dokoki. Wanda ake jira ya fitar da takardar farashi cikin minti goma ba zai tsaya duba girman harafi a wani kundi ba, tsohon fayil zai buɗe ya goge suna ya sa sabo. Don haka aikin kashi biyu ne. Duk abin da kwamfuta za ta iya riƙewa da kanta, kamar nau'in haruffa da girman kanu da tazarar layi, a saka shi cikin samfurin takarda guda wanda kowa zai fara aiki daga kansa. Abin da ba za ta iya riƙewa ba, wato lafazi da yadda ake rubuta suna da kwanan wata, shi kaɗai za a rubuta a takardar ƙa'ida, kuma kada ta wuce shafi biyu.

Kafin ka taɓa kwamfuta, sa a buga maka takardu goma da suka fita daga ofis a watan da ya wuce, ka shimfiɗa su a kan tebur, ka ja layi a ƙarƙashin duk inda suka saɓa wa juna. Abin da ka ja wa layi shi ne ƙa'idar za ta yanke wa hukunci. Abin da babu saɓani a kansa, ƙyale shi.

Nau'in haruffa guda ɗaya ya ishe ku. Sharaɗinsa na farko ba kyau ba ne, a tabbatar yana kan kowace kwamfutar ofis. Ga dalili: tun daga Office 2007 Calibri ne harafin da Word ke farawa da shi, sai a 2023 kamfanin Microsoft ya fara maye gurbinsa da Aptos. Idan ma'aikaci ɗaya yana da sabon Word, ɗaya kuma tsoho, takardar da aka buga da Aptos tana iya buɗewa a tsohuwar kwamfuta da wani harafi na daban. Faɗin haruffan ba ɗaya ba ne, sai layuka su gusa, wasiƙar shafi ɗaya ta tsallaka shafi na biyu, sa hannu ya tsaya can shi kaɗai. Arial ko Times New Roman sun fi sauƙin sha'ani saboda kusan ko'ina ana samun su. Idan kuna rubutu da Hausa akwai gwaji na biyu: buga ɓ ɗ ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ a tsakiyar kalma, ka haskaka kowane harafi ka dubi akwatin sunan harafi a sama. In sunan ya canza, harafin da ka zaɓa ba shi da masu lanƙwasa, Word ya aro su ne daga wani wuri, kuma a takarda za ka gan su sun fi 'yan'uwansu kauri ko tsawo.

Yanzu ginin samfurin, kuma a nan ne yawancin ofisoshi ke kuskure. Mutum ya haskaka layi, ya ƙara masa girma, ya sa masa kauri, ya ce ya yi kan magana. A ido kai ne, amma a wurin Word rubutu ne kawai da aka yi wa ado, kuma gobe wani zai yi nasa adon da girma 15 maimakon 16. Abin da ake so shi ne a gyara salon da ke cikin Styles. Buɗe sabuwar takarda, a Layout ka mai da Size zuwa A4, gefe kuma santimita 2.5 ta kowane ɓangare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wasu kwamfutoci suna zuwa a kan Letter, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan amma ta gaza ta tsawo da kusan milimita 18, shi ya sa ƙasan shafi ke fita ba daidai ba a firinta.

Daga nan ka je Home, ka danna dama a kan Normal, ka zaɓi Modify. Sa harafinku da girma 11. A cikin Format sai Paragraph, sa After ya zama 6 pt, Line spacing kuma Multiple 1.15. Wannan tazarar ta bayan sakin layi ita ce za ta hana ma'aikata danna Enter sau biyu ko uku don su buɗe fili. Haka za ka yi wa Heading 1, girma 16 mai kauri, da Heading 2, girma 13 mai kauri, kowanne da tazarar 12 pt a gabansa. Duba ma ka ga sunan harafinsu ya dace da na Normal, don ba dole ne su bi shi da kansu ba. Ka tabbatar Keep with next yana kunne a kanun biyu, shi ne ke hana kai ya maƙale a ƙasan shafi bayaninsa kuma ya tafi shafi na gaba. Mataki biyu na kanu ya wadatar. Takardar ƙaramin kamfani da ke neman mataki na huɗu, tsarinta ne ke da matsala.

Tambarin kamfani da adireshi su shiga Header, lambar shafi ta shiga Footer, don kada a ture su yayin rubutu. Launi kuma kada a ce “shuɗi” kawai, shuɗi iri-iri ne. A rubuta lambarsa, misali 1F4E79, a sa ta cikin salon kanun.

Adana fayil ɗin ta Save As a matsayin Word Template, wato mai ƙarshen .dotx. Amfaninsa shi ne duk wanda ya danna shi sau biyu, sabuwar takarda ce za ta buɗe masa, samfurin yana nan bai taɓu ba. Ka fitar da uku daga wannan tushe ɗaya: na wasiƙa, na takardar farashi, na rahoto. A ajiye su a folda ɗaya, mutum ɗaya ne kuma ke da ikon gyara su. Ma'aikata maɓallai uku kawai za su haddace:

```
Ctrl+Alt+1     Heading 1
Ctrl+Alt+2     Heading 2
Ctrl+Shift+N   Normal
```

Abin da ya fi lalata samfuri shi ne kwafo rubutu daga imel ko tsohuwar takarda, domin yana tahowa da harafinsa da launinsa. A saba da liƙawa ta Keep Text Only. In an riga an liƙa, a haskaka wurin a danna Ctrl+Space ya cire adon haruffa, Ctrl+Q kuma ya mai da sakin layin kan salonsa. Kai kuma ba sai ka karanta takarda duka kafin ka gane ko an bi tsari ba. Je View ka kunna Navigation Pane: in kanun takardar sun jeru a gefe, an yi amfani da salon, in wurin fayau yake alhali ga kanu a shafi, da hannu aka yi su. Ka sani kuma, gyara samfuri ba ya komawa ya gyara takardun da aka riga aka yi, don haka tsofaffin fayilolin da ake kwafa a kwashe su zuwa wata folda ta ajiya, in ba haka ba su za a ci gaba da amfani da su.

Sai takardar ƙa'ida mai shafi biyu. Fara da sunan kamfani, a rubuta shi siffa ɗaya tak, da wurin manyan baƙaƙe da gajartawar da aka yarda da ita. Kwanan wata a rubuta sunan watan, 3 ga Afrilu, 2025, saboda 03/04/2025 wani zai karanta shi 4 ga Maris, kuma a takardar da ke ɗauke da wa'adin biya wannan bambancin kusan wata guda ne. A yanke yadda ake raba dubbai a adadi, da kalma ɗaya ga abu ɗaya: in “takardar farashi” kuka zaɓa, kada gobe ta koma “ƙiyasi”, mai saye zai ɗauka abu biyu ne.

Lafazi shi ya fi wuyar kamawa, kuma rubuta “a yi ladabi da ƙwarewa” ba ya koya wa kowa komai, don kowa yana ganin shi mai ladabi ne. Hukunci ake yankewa, a biyo shi da misali. Kamfani “mu” yake cewa ko “ni”? Mai karɓar wasiƙa “ku” za a ce masa ko “ka” da “ki”? Ni “mu” da “ku” nake ba da shawara, don sau da yawa ba ka san wanda zai buɗe wasiƙar ba. Ɗauki wasiƙar tunin bashi, wadda ita ce ta fi fito da halin mai rubutu. Ma'aikaci ɗaya zai rubuta: “Har yanzu ba ka biya ba, wannan ne gargaɗi na ƙarshe.” Wani kuma zai cika rabin shafi da ban haƙuri, har mai karatu ya kasa gane kuɗi ake nema. Ƙa'idar ta ce: bayan gaisuwa ta layi ɗaya, jimlar farko ta faɗi dalilin wasiƙar, ta biyu ta kawo lamba da kwanan wata, ta ƙarshe ta faɗi abin da ake so a yi da ranar da ake so. Sai a sa misalin a ƙasa: “Muna tunatar da ku game da takardar neman biya mai lamba 0147 ta 3 ga Afrilu, 2025, wadda wa'adinta ya cika ranar 3 ga Mayu. Muna roƙon ku biya kafin 17 ga Mayu, ko ku sanar da mu in akwai gyara a lissafin.” Irin wannan misali uku ko huɗu, na tunin bashi da na ba da haƙuri kan jinkirin kaya da na ƙin amincewa da ragi, sun fi shafi guda na bayani aiki, don ma'aikaci kwaikwayonsu zai yi kai tsaye.

Duk takardar da za ta fita waje a mai da ita PDF tukuna, ta haka harafi da tsarin shafi za su isa yadda kuka bar su ko da a waya aka buɗe. A makonni biyun farko mutum ɗaya ya riƙa duba kowace takarda kafin ta fita, yana rubuta tambayoyin da ma'aikata ke yi. Tambayar da aka yi sau biyu, amsarta ta shiga ƙa'idar, a canza kwanan watan da ke saman shafin farko, a cire tsohon kwafin daga folda.