Yadda ake jera lissafin kuɗin biki da gudunmawar dangi

"Salam 'yan uwa, bikin ƙanwata saura wata biyu kuma ni aka ɗora wa riƙon kuɗi. Don Allah ya zan tsara lissafin in san abin da muka ƙiyasta da abin da muka kashe wurin kowane mai aiki, da kuma wanda ya kawo gudunmawa?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ni ma ni ake damƙa wa wannan aikin a gidanmu, biki ko suna, to ga yadda nake yi.

Shafi biyu za ki yi, ko a Google Sheets na waya ko a littafi mai layi duk ɗaya ne, shafin fita daban na shiga daban, kar ki haɗa su. A na fita kowane mai aiki layinsa guda, mai girki, mai rumfa da kujeru, mai kwalliya, mai lalle, mai hoto, tela. A gaban sunansa sai ki ja gidaje: A suna, B ƙiyasinku, C yadda aka yi ciniki, D kafin alƙalami, E ciko, F ƙarin da ya taso daga baya, G jimla, H bambanci. Na ƙarshen biyun bar wayar ta yi miki:

```
G2: =D2+E2+F2
H2: =G2-B2
```

Gidan B ɗin nan in kin rubuta shi kin gama da shi, ko farashi ya tashi kar ki koma ki gyara, don kina gyarawa kin goge shaidar inda kuɗin ya zurare.

Ga misali daga bikin da na riƙe. Mai girki mun ƙiyasta mata 400,000, fulet 200 a kan 2,000. Ana saura kwana uku ɓangaren ango suka aiko wai mutanensu sun ƙaru, fulet ya koma 260 kuɗi ya zama 520,000, ranar yini kuma ta ce ai kuɗin motar kawo kuloli ba ya cikin ciniki, 15,000, gaba ɗaya 535,000 ke nan, mun haura da 135,000. To amma kawunmu ya kawo buhun shinkafa an kai mata ta rage mana 70,000, tsabar da ta fita daga hannuna 465,000 ce kawai. Nan ne mutane ke ruɗewa. In 465,000 kika rubuta lissafi zai nuna kun haura da 65,000 kacal, kuma shinkafar kawu ta ɓace ba ta ko'ina, gobe a taron dangi a karanto suna babu nasa, kin san dai abin da zai biyo baya. Abin yi shi ne ki sa 70,000 ɗin cikin cikon mai girki ki rubuta "shinkafa" a gefe, sannan ki sake sa ta a shafin shiga da sunan kawu. Kuma kuɗin da mai girkin ta rage shi za ki rubuta, ba farashin da kika ji a kasuwa ba.

Shafin shiga kuwa suna, abin da mutum ya yi alkawari, abin da ya shigo hannu, kuɗi ne ko kaya, kwanan wata, da wanda ya karɓa. Wallahi kar ki yi ciniki da kowa a kan alkawari, "zan turo ƙarshen wata" ba ya biyan mai rumfa, abin da kika ga alat ɗinsa ko kika ƙirga da hannunki shi ne kuɗinki. Kuɗin liƙi ma haka, sai an zazzage jaka an ƙirga yake shiga.

Gidan wanda ya karɓa ɗin nan yana da dalili, don wata gwaggon ba za ta ba ki ba, Mama za ta danƙa wa a ɗaki, wani kuma Baba zai tura wa. Ki zauna da Mama tun yanzu ta faɗa miki wanne ne na hidima wanne ne bikin da ƙawayenta suka yi mata, wannan nata ne ita za ta rama ran nasu, ki rubuta mata shi a gefe kar ki zuba shi cikin jimlarki sai in ita ta miƙo miki.

Kullum da daddare ki gwada: tsabar da ta shigo, cire tsabar da ta fita, dole ya yi daidai da abin da ke asusu da na cikin jaka, kaya irin shinkafar nan ba sa shiga wannan gwajin. In bai yi daidai ba yawanci 'yan ƙananan nan ne, kuɗin adaidaita, ƙanƙara, man janareto, cajin cire kuɗi wurin mai POS, su ma ki ba su layi guda ki sa musu nasu ƙiyasin tun farko.