Karenmu ya mutu, yara sun ƙi cin abinci: shin kuka a kan kare laifi ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Gidanmu yana bayan gari ne, muna da awaki da kaji, shi ya sa maigida ya ajiye kare don gadi. Shekara shida yana tare da mu, yara suna kiran sa Duna. Ranar Talata mota ta buge shi a bakin titi ya mutu. Ɗana mai shekara bakwai kwana biyu ke nan ba ya cin abincin kirki, da dare sai ya tashi yana kuka, ƙanwarsa kuma sai tambaya take yaushe Duna zai dawo. Wan mijina ya zo ya yi musu faɗa, ya ce haramun ne Musulmi ya yi kuka a kan najasa. Yaron ya tambaye ni ko zai ga Duna a Aljanna, na rasa abin cewa. Ni kaina, Malam, abin ya taɓa ni. Mene ne hukunci, kuma me zan gaya musu?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya musanya muku da mafi alheri.

Baiwar Allah, babu laifi a kanki, babu laifi a kan yaranki. Baƙin cikin da ke zuciya da hawayen da ke zuba a ido shari'a ba ta kama mutum da su. Abin da ta hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da furta maganar da ke nuna rashin yarda da ƙaddara. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, Annabi ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Wannan ma'aunin ya shafi kowane rashi, babba da ƙarami.

Maganar yayan mijinki kuwa, da niyyar alheri ya yi ta, amma ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Hadisin da ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa da ƙiraɗi kullum ya togace karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai buƙata. Naku na tsaron dabbobi ne, ya shiga cikin nassin kansa. Sannan a mazhabar Imam Malik, wadda yawancinmu muka taso a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai. Ko a wajen malaman da suka ce najasa ne, wannan hukuncin tsarki ne, bai hana tausayi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa.

Dalilin da ya fi dacewa da halin da kuke ciki shi ne labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Annabi (SAW) ya shigo gidan ya tarar da shi ya yi jugum, ya tambayi me ya same shi, aka ce tsuntsunsa ne ya mutu. Sai ya ce masa: ya Abu Umair, me ɗan tsuntsu ya yi? Ki dubi abin da kyau. Shugaban al'umma ne, da nauyin wahayi da na jama'a a kansa, amma ya lura da fuskar yaro ta sauya. Ya kira shi da alkunya kamar babban mutum. Ya ambaci tsuntsun da bakinsa, ya buɗe wa yaron ƙofar magana. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba, bai ce namiji ba ya kuka ba. Ni a ganina wanda ya daka wa yaro tsawa a irin wannan hali ya bar sunna yana zaton ita yake karewa.

To ke ma haka za ki yi. Ki zauna da yaron a tabarma bayan sallar isha'i, lokacin da gida ya yi shiru, ki ce masa: ba ni labarin wasannin da kuke yi da Duna. Ki bar shi ya faɗa, in ya yi kuka ki rungume shi. Ki saurara da kyau ko yana ɗora wa kansa laifi, domin yara masu irin shekarunsa sukan yi zaton su ne sanadi, musamman idan shi ya bar ƙofa a buɗe. In kin ji haka ki gaya masa kai tsaye cewa ba laifinsa ba ne, kowane mai rai yana da ranarsa. Ki koya masa Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, da addu'ar da Ummu Salama ta ruwaito: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Ana faɗin su a kan kowace asara da ta sosa wa mumini rai.

Ƙaramar kuwa, kada a ce mata ya yi tafiya, ko an kai shi ƙauye. Annabi (SAW) ya gargaɗi wata uwa da ta kira ɗanta da alkawarin kyauta cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Kada kuma a ce barci yake yi, don yarinya takan koma tsoron kwanciya. Ki ce mata Duna ya mutu, ba zai dawo ba, ba ya jin zafi yanzu. Za ta sake tambaya gobe da jibi, domin ƙaramin yaro ba ya gane cewa mutuwa ba ta da komowa. Ki maimaita mata amsar ɗaya cikin sanyin murya.

Batun Aljanna yana buƙatar taka tsantsan. Abin da ya tabbata shi ne za a tayar da dabbobi ranar alƙiyama, har a rama wa tunkiya marar ƙaho a kan mai ƙaho, kuma an ruwaito daga Abu Huraira cewa bayan haka za a ce musu su zama turɓaya. Saboda haka kada ki rantse wa yaro cewa Duna yana Aljanna. Amma Allah Ya ce a Suratu Fussilat, aya ta 31, 'yan Aljanna suna da duk abin da rayukansu suka yi marmari. Ki ce masa: Duna ba shi da zunubi, ba wuta a kansa, Allah da Ya halicce shi Ya fi mu tausayinsa, kai kuma in ka shiga Aljanna duk abin da ka roƙa za a ba ka. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya wadatar da ɗan shekara bakwai.

Binne gawar a rami mai zurfi nesa da rijiya ya halatta, ya ma fi jefar da ita a bola inda za ta cutar da maƙwabta. Sai dai ba wanka, ba likkafani, ba salla, ba maƙabartar Musulmi, ba zaman makoki, ba a kuma yi masa sadaka da nufin lada ya kai gare shi. In yaron yana son ya yi wani abu, ki ba shi aikin zuba wa awaki ruwa da safe, ki gaya masa akwai lada a kan kowane mai rai da aka shayar.

Kada ku yi gaggawar kawo wani kare don rufe masa baki, sai in tsaron dabbobin ya tilasta. Idan kuma mako biyu ko uku suka wuce bai koma cin abinci da barci da makaranta ba, ko ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ku kai shi asibiti a duba shi. Yayan mijinki kuwa maigida ya kamata ya same shi a keɓe, ya karanta masa hadisin Abu Umair cikin ladabi, ba a gaban yara ba.

Wallahu a'alam.