Jaririna ba ya barci da dare

"Jaririna kwanansa 12, duk bayan awa biyu sai ya farka, ina ganin nonona ne ba ya isarsa. Kakarsa ta ce in ƙara masa da ruwa."

Barka da arziki 'yar'uwa, Allah ya raya. Farkawar nan ba matsala ba ce. Tumbin jariri ƙarami ne, a wannan lokacin bai wuce girman ƙwan kaza ba, ga nonon uwa da saurin narkewa, shi ya sa yake neman mama sau 8 zuwa 12 a kwana guda. Kuma bai san dare ba bai san rana ba tukuna, sai ya kai wajen wata biyu zuwa uku. Ta farina haka muka yi ta raba dare a zafin Gombe, har kiran assalatu ina zaune.

Ki duba kunzugunsa. In yana jiƙa shi sau shida ko fiye a kwana, fitsarin ba ja ba, nauyinsa na ƙaruwa a awo, to nono ya isa. Ruwa kam ki lallaɓa Kaka a bari sai wata shida, ko da zafi, domin yakan cika masa ciki ya rage shan nono.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne jaririn da ke zarce awa huɗu, a tashe shi ya kasa kama nono, ko jikinsa ya yi zafi. Wannan asibiti za ki kai shi nan take.