Yatsuna na mutuwa da dare: ta yaya zan gane ko kafal tanel ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 46, sana'ata ɗinki da saƙa. Wata uku ke nan yatsun hannuna na dama ke tashina daga barci, su yi dindiris kamar ana tsira mini allura, sai na yarfe hannun kafin su saki. Wasu sun ce sanyi ne, wata kuma ta ce kafal tanel ne. Yaya zan gane?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yau da dare idan abin ya tashe ki, kafin ki yarfe hannun, ki sa ɗaya hannun ki shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ki lura da waɗanda suka mutu da waɗanda ke ji. Ki fi mai da hankali kan ƙaramin yatsa, domin shi ne zai ba ki rabin amsar.

Ga dalili. A wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, akwai wata 'yar matsattsiyar hanya wadda ƙananan ƙasusuwa suka kewaye ta ƙasa da gefe, wani tantani mai kauri da tauri ya rufe ta ta sama. Ita ce kafal tanel. Igiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu ne ke ratsa ta, tare da jijiyar ji guda ɗaya da ake kira midiyan. Hanyar ba ta buɗewa, don haka duk abin da ya kumbura a ciki, jijiyar ce ke shan matsi. Ita wannan jijiya tana kai ji ga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe na ɓangaren da ke kallon babban yatsa. Ba ta zuwa ƙaramin yatsa. Idan yatsu ukun farko sun mutu, ƙaramin yana nan garau, zato ya yi ƙarfi a kan kafal tanel. Tudun naman da ke gindin babban yatsa ma yawanci fatarsa tana ji, saboda reshen da ke kula da wurin ta saman hanyar yake bi.

Abin da ya sa ya fi zuwa da dare kuwa, yawancinmu da wuyan hannu a lanƙwashe muke barci, wasu ma su cusa shi ƙarƙashin kumatu ko matashi. Lanƙwasawa tana ƙara matsi a cikin hanyar, ga shi hannun ba ya motsi balle ruwan da ya taru ya watse. Yarfewar da kike yi tana miƙar da gaɓar, jini ya koma wa jijiyar. Likitoci suna ɗaukar samun sauƙi bayan yarfe hannu a matsayin alama mai kyau ta wannan ciwo, ba batun sanyi ba ne.

Akwai gwaji biyu da za ki iya yi a zaune. Na farko, ki haɗa bayan hannayenki biyu a gaban ƙirji, yatsu na kallon ƙasa, wuyan hannu a lanƙwashe sosai, ki tsaya haka daƙiƙa 60 kina duba agogo. Na biyu, ki miƙa hannun tafi a sama, wani ya danna tsakiyar wuyan hannun da babban yatsansa, daidai inda layin fata yake a gindin tafi, na daƙiƙa 30. Abin da ake nema shi ne irin dindiris ɗin nan na dare ya dawo, kuma a yatsun da na lissafa. Zafin gaɓa kawai ba ya cikin lissafi. Kada ki wuce lokacin, domin mai lafiya ma idan ya daɗe a lanƙwashe zai ji wani abu. Gwajin kan iya fitowa lafiya alhali ciwon yana nan, shi ya sa ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai.

A ce kin duba, kin tarar babban yatsa da manuni da na tsakiya ne, gwajin farko ya tayar da su a daƙiƙa 20, wuyanki ba ya ciwo, ƙafafunki lafiya. Ga shekarunki, ga aikin da ke sa ki riƙe allura da almakashi duk yini, ga hannun dama da kika fi mora. Wannan kusan kammalallen hoton kafal tanel ne. Amma idan kin tarar ƙaramin yatsa da na zobe ne ke mutuwa, wata jijiya ce daban mai suna alna, wadda aka fi matse ta a gwiwar hannu, musamman ga mai barci da gwiwar a naɗe. Idan ciwon daga wuya yake saukowa ta kafaɗa zuwa yatsu, yana ƙaruwa da kin ɗaga kai ko kin waiga, to a ƙashin wuya za a nemi matsalar. Idan kuma tafin ƙafa biyu ne suka fara zafi ko mutuwa kafin hannu, a auna suga da bitamin B12, musamman ga wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metfomin. Mutuwar ji da ta zo tare da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa, a duba kuturta, maganinta na nan.

Abu ɗaya ba ya jiran gari ya waye: hannu ya mutu farat ɗaya tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko raunin ƙafar ɓangaren. Wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti za a nufa nan take.

Ko da komai ya nuna kafal tanel, ina ba ki shawara a auna miki suga, domin ciwon suga yana cikin masu jawo shi, haka raunin aikin tayirod, wato ƙullin da ke gaban maƙogwaro, da ƙiba, da amosanin gaɓɓai, da tsohuwar karaya a wuyan hannu. Mai juna biyu ma tana samunsa a watannin ƙarshe saboda taruwar ruwa, yawanci ya tafi bayan haihuwa.

Matakin farko na magani shi ma gwaji ne. Ki sayi abin ɗaure wuyan hannu mai ƙarfe a ciki, ana samunsa a manyan kantunan magani, ki riƙa sawa duk dare na mako huɗu zuwa shida. Sai dai ki lura, da yawa ana ƙera su ne da ƙarfen a tanƙware yana ɗaga hannu baya, kuma hakan ma matsi ne. Ki miƙar da ƙarfen har hannu ya zama a layi ɗaya da damtse. Kada ki ɗaure tamau, ya kasance yatsa ɗaya zai iya shiga ƙarƙashin maɗaurin. Bandeji da ake naɗawa ba ya hana lanƙwasa, ƙarin matsi kawai yake yi. Magungunan kashe zafi irin su diklofenak kuwa ba sa buɗe hanyar, sai dai su taɓa miki ciki da ƙoda idan kika daɗe a kansu.

Kada ki tsaya jiran mako shidan idan mutuwar yatsun ta daina sakinki har da rana, ko allura tana suɓuce miki, ko sa maɓalli ya fara gagara. Ki jera tafukanki biyu ki kwatanta tudun gindin babban yatsa. Idan na dama ya fara lotsawa, tsokar ce ke ramewa saboda jijiyar ta daɗe a matse, kuma ba kullum take dawowa ba ko bayan aiki. A wannan mataki likitan ƙashi ko na jijiya za ki gani. Zai iya tura ki gwajin da ke auna saurin tafiyar saƙo a jijiya da 'yar wutar lantarki, wanda ke nuna inda matsin yake da tsananinsa. Allurar sitiroyid mai rage kumburi a cikin hanyar tana ba da sauƙi, amma sau da yawa ciwon kan dawo bayan watanni. Tiyatar kuwa ƙarama ce: a kashe wurin da allura, a tsaga tantanin da ya rufe hanyar, ki koma gida a ranar. Tashin dare yakan daina da wuri, ƙarfin riƙo ne ke ɗaukar makonni zuwa watanni kafin ya dawo, don haka ki tsara ɗinkunan mutane kafin a sa ranar.